An Yarda da Gona, An Hana Shago: Dokar Sana'ar Gefe ga Ma'aikaci a Najeriya

A Najeriya ma'aikacin gwamnati zai iya buɗe gonar kaji dubu goma, ya ɗauki yara masu kula da su, ya sayi motar kai ƙwai kasuwa, kuma bai taka wata doka ba. Abokin aikinsa na tebur ɗaya, wanda ya kafa ɗan shagon cajin waya a ƙofar gida yana zama a ciki bayan la'asar, shi kundin tsarin mulki ya taka. Mutane da yawa in an faɗa musu haka sai su ɗauka zolaya ce, alhali abin a rubuce yake.

Yana cikin jadawali na biyar na kundin tsarin mulkin 1999, sashen da ake kira Ƙa'idojin Ɗa'ar Ma'aikata. Sakin layi na 1 ya ce kada jami'in gwamnati ya saka kansa a matsayin da amfanin kansa zai ci karo da aikin da aka ɗora masa. Sakin layi na 2 ya hana abu biyu. Na farko, cin albashin kujeru biyu na gwamnati a lokaci guda. Na biyu, gudanar da wani kasuwanci ko sana'a ta ƙashin kai, ko shiga cikin masu gudanar da ita, matuƙar mutum ma'aikaci ne na cikakken lokaci. Daga nan sai aka yi togaciya guda ɗaya tak: wannan bai hana jami'i yin noma ba.

Kada a ɗauka manya kawai ake nufi. Jerin waɗanda dokar ta hau kansu ya faro daga shugaban ƙasa da gwamnoni, ya gangaro kan ma'aikatan tarayya da na jihohi da na ƙananan hukumomi, sojoji da 'yan sanda, ma'aikatan jami'o'i da kwalejojin gwamnati, da na hukumomi da kamfanonin da gwamnati ke da rinjaye a ciki. Wato malamin kwalejin ilimi da ke kabu-kabu da motarsa ranar Asabar, da ma'aikaciyar sakatariya da ke sayar da atamfa da turaren wuta ta waya, duk suna ciki. Hukumar Ɗa'ar Ma'aikata ce ke karɓar ƙorafi, Kotun Ɗa'ar Ma'aikata kuma ita ke hukunci, kuma abin da ke hannunta ba ƙarami ba ne: tana iya tsige mutum daga kujerarsa, ta hana shi riƙe muƙamin gwamnati har tsawon shekara goma, ta ƙwace dukiyar da aka tara ta hanyar cin amanar ofis.

Ra'ayina shi ne waɗannan sakin layi biyu ba nauyinsu ɗaya ba, kuma mun fi ba da hankali ga wanda bai kai ba. Na biyun yana tambayar wace irin sana'a kake yi. Na farkon yana tambayar ko sana'ar taka tana ratsawa ta kan teburinka na ofis. Kusan duk ɓarnar da ake yi wa dukiyar jama'a tana ƙarƙashin tambaya ta farko ne, amma kusan duk fargabar da ƙaramin ma'aikaci ke ciki tana ƙarƙashin ta biyu.

Kafin mu shiga misali, akwai wani bambanci da ya kamata a riƙe, domin a kansa ake yawan ruɗewa: mallaka daban, gudanarwa daban. Dokar ba ta ce kada ma'aikaci ya mallaki komai ba. A shari'ar Nwankwo da Nwankwo ta 1995, Kotun Ƙoli ta fassara wannan ƙa'ida kamar yadda take a kundin 1979, ta nuna cewa abin da aka hana shi ne gudanar da kasuwancin, ba samun rabo a cikinsa ba. Dokokin aikin gwamnatin tarayya ma a kan wannan layi suke: ma'aikaci zai iya sayen hannun jari a kamfani, amma ba zai zama darakta a kamfani mai zaman kansa ba, kuma yin ciniki ba tare da izini ba, ko tallar kaya a harabar ofis, suna cikin laifuffukan da ake ba da takardar tuhuma a kansu. To, wanda ya gaji kashi ɗaya cikin huɗu na shagon mahaifinsa a Kantin Kwari, ƙanensa ke zama, shi kuwa rabonsa kawai ake kawo masa ƙarshen shekara, yana da mafaka. Ranar da ya fara sa hannu a cek, yana yanke shawarar wane kaya za a saro, yana ɗaukar yaran shago yana sallamarsu, ya tsallaka.

Yanzu mu ɗauki mutum ɗaya mu bi shi a hankali. Misali ne na ƙirƙira domin bayani, har da alƙaluman da ke ciki, amma duk wanda ya yi aiki a ma'aikata zai gane fasalinsa.

Mutumin namu jami'i ne a sashen da ke kula da ciyar da ɗaliban makarantun kwana a ma'aikatar ilimi ta wata jiha. Yana da gona a bayan gari, kaji masu ƙwai dubu biyu. In suna cikin ganiyarsu, kamar kashi tamanin cikin ɗari na yin ƙwai kullum, yana kwasar ƙwai 1,600 a rana, wato kiret hamsin da 'yan kai. Har nan babu abin cewa, domin kiwo a fahimtar kowa reshen noma ne. Yana sayar wa masu shayi da 'yan sari, kuma da wuya wani ya ce sayar da amfanin gonarka ba ya cikin noma, tunda ba wanda ke noma don ya zuba wa amfanin ido.

Sai kasuwa ta buɗe, buƙata ta fi abin da kajinsa ke bayarwa. Ya fara sayen ƙwai daga gonakin maƙwabta yana ɗora riba yana sayarwa. A nan ya fita daga noma ya shiga fatauci, ko da kuwa kayan iri ɗaya ne a cikin mota ɗaya. Haka yake ga ma'aikacin da ke zuwa Dawanau da kaka ya sayi buhunan masara ya ajiye sai farashi ya hau: kayan gona ne, amma shi ba noma ya yi ba. Wannan ya saɓa wa sakin layi na 2. Sai dai in ka tambaye ni wa ya cutu, ba ni da amsa mai ƙarfi. Yana zuwa aiki a kan lokaci, ɗalibai ba su rasa komai ba, baitulmali bai yi asarar kwabo ba.

Mataki na gaba shi ne mai hatsari, kuma abin mamaki, zai iya takawa ba tare da ya sayi ƙwan kowa ba. Wata makarantar kwana da ke ƙarƙashin sashensa tana buƙatar kiret ɗari a mako. A ce kiret naira dubu biyar ne: naira dubu ɗari biyar ke nan a mako, miliyan shida a zangon karatu na mako goma sha biyu. Ya dubi gonarsa, ya ga kiret ɗari aikin kwana biyu ne. Ya ce a ransa, ai ni ma ɗan ƙasa ne, ƙwaina sabo ne, kuma zan bayar a farashin kasuwa, ko ma in rage ɗari biyu a kan kowane kiret. Da zuciya ɗaya yake wannan lissafi, kuma ya tabbata cewa noma aka yarda masa.

An yarda masa noma, amma ba a yarda masa ya sayar wa ofishinsa ba. Togaciyar noma ta tsame shi ne daga sakin layi na 2 kawai, ba ta taɓa na 1 ba. Sannan akwai dokar ICPC ta shekarar 2000. Sashe na 12 ya ce ma'aikacin gwamnati da ya riƙe wani amfani na kansa, kai tsaye ko ta bayan fage, cikin kwangilar da ta fito daga ofishin da yake aiki ko take da alaƙa da shi, yana sane, ya yi laifin da hukuncinsa ɗaurin shekara bakwai ne. Sashen bai tambayi ko farashin ya yi tsada ba, bai kuma tambayi ko an kawo kayan ba. An keɓe wanda rabonsa hannun jari ne kawai a kamfani mai masu jari fiye da ashirin, kuma hikimar a fili take: mai 'yan hannayen jari a babban kamfanin siminti ba shi ke juya kamfanin ba. Sashe na 19 kuma ya tanadi shekara biyar ba zaɓin tara ga wanda ya yi amfani da kujerarsa ya jawo wa kansa, ko ɗan uwansa, ko abokin hulɗarsa wata moriya da ba ta dace ba.

Me ya sa doka ba ta damu da sauƙin farashinsa ba? Saboda farashi ɗaya ne daga cikin wuraren da ake cuta, kuma shi ne mafi sauƙin gyarawa a takarda. Ran da zafi ya yi yawa kajin suka rage, ya kawo kiret tamanin, sitokifan makarantar ne zai rubuta abin da ya karɓa. Shi kuwa sitokifa ya san wa ke da gonar, ya kuma san takardar ƙarin girmansa ta wane ofis za ta bi. Zai rubuta ɗari. Ran da aka kawo ƙananan ƙwai ko waɗanda suka kwana biyu, shugaban makaranta ba zai rubuta ƙorafi zuwa teburin mai kayan ba. In kuɗi suka yi ƙaranci a ma'aikata, 'yan kwangila goma na jiran biya, kowa ya san fayil ɗin da zai fara fita. Tun kafin a kai nan ma, shi ya riga kowa sanin za a nemi ƙwai, ya san nawa aka ware, yana iya sa hannu wajen rubuta sharuɗɗan da gonarsa kaɗai za ta cika. Sauran masu gonaki su gwada sau ɗaya, sau biyu, su gane an riga an gama, su daina kawo takarda. Bayan shekara biyu babu mai gasa da shi, kuma ba wanda zai iya cewa ga farashin gaskiya. Ba a ba kura ajiyar nama, ko da kurar ta rantse ta ƙoshi.

Mutumin namu ba wawa ba ne, ya san sunansa bai kamata ya fito a takarda ba. Sai ya je a yi wa maiɗakinsa rajistar sunan kasuwanci, ko ya sa ƙanensa da ɗan yayarsa a matsayin daraktoci. Wannan dabara ta tsufa har masu rubuta kundin sun san da ita. Sakin layi na 13 ya ce jami'in da ya aikata abin da aka hana ta hannun wakili, ko amintacce, ko wani da ya tsaya a madadinsa, ana ɗaukarsa shi ya aikata.

A nan akwai wurin da ya kamata a yi adalci, musamman a ƙasar Hausa. Matar ma'aikaci tana da 'yancin dukiyarta da sana'arta, a shari'a da kuma a doka, kuma mata da yawa suna juya kuɗi daga cikin gida fiye da albashin mazajensu. Ɗan uwan ma'aikaci ma bai zama haramtacce ga kasuwanci ba don yayansa na aikin gwamnati. Abin da ake dubawa shi ne wa ya zuba jarin, wa ke ba da umarni, ina ribar ke ƙarewa. In kasuwancin nata ne da gaske, tun kafin a kai shi wannan sashe take yi, to abin da ya rage kansa shi ne ya rubuta wa shugabansa cewa mai wannan kamfani iyalinsa ce, ya cire hannunsa daga fayil ɗin gaba ɗaya: ba ya cikin masu tantancewa, ba ya cikin masu karɓar kaya, ba ya cikin masu sa hannun biya. A rubuce, da kwanan wata, kafin a buɗe takardun neman kwangila, ba bayan an fara tambaya ba. Dokar sayen kayan gwamnati ta tarayya ta 2007 ta ɗora irin wannan nauyi a ɗaya ɓangaren ma: mai neman kwangila zai haɗa da takardar rantsuwa da ke bayyana ko wani jami'i cikin kwamitocin da abin ya shafa darakta ne a kamfaninsa, yanzu ko a da, ko mai hannun jari, ko mai wani amfani na kuɗi. Jihohi suna da nasu dokokin na sayen kaya.

Yadda ake gano irin wannan ba wani sihiri ba ne. Mai binciken kuɗi ya fara da rajistar Hukumar CAC mai yi wa kamfanoni rajista, ya ga ranar da aka yi wa kamfanin rajista. Kamfanin da aka haifa mako uku kafin a ba shi aiki ya riga ya jawo ido. Ya duba adireshi da lambar waya, sau da yawa sai a tarar gidan jami'in ne, ko lambar da ke cikin fayil ɗinsa na ma'aikata a gurbin wanda za a kira in wani abu ya faru. Ya ɗauko takardun farashi uku da aka ce an gwada, ya ga duka ukun kuskuren rubutu ɗaya suka yi a wuri ɗaya, domin a kwamfuta ɗaya aka buga su. Ya lura an daddatsa aikin miliyan shida zuwa ƙanana yadda kowanne zai tsaya ƙasa da iyakar da ke buƙatar a kai shi gaban kwamiti. Daga ƙarshe ya nemi bayanan banki, ya ga wa ke da ikon sa hannu a asusun, da kuma inda kuɗi ke tafiya kwana biyu bayan gwamnati ta biya. Tun zuwan lambar BVN ɓoye wannan ya yi wuya. Dokar kamfanoni ta 2020 ta ƙara wani abu: dole a bayyana duk mai riƙe da kashi biyar cikin ɗari ko fiye na kamfani, ko mai juya shi ta bayan labule, kuma a 2023 aka buɗe rajistar waɗannan sunaye ga jama'a.

Wanda yake da kamfani tun kafin ya shiga gwamnati fa? Shari'ar Babachir Lawal ta nuna inda ake tuntuɓe. An naɗa shi sakataren gwamnatin tarayya a watan Agustan 2015. A ƙarshen 2016 kwamitin majalisar dattawa ƙarƙashin Sanata Shehu Sani ya yi zargin cewa kamfanin Rholavision, wanda ke da alaƙa da shi, ya samu aiki a shirin cire ciyawa a jihar Yobe ƙarƙashin shirin tallafa wa arewa maso gabas, kuma sunansa bai fita daga jerin daraktocin kamfanin ba sai a watan Satumban 2016. Shi kuwa ya ce tun lokacin naɗinsa ya ajiye muƙamin. An dakatar da shi a Afrilun 2017, aka sallame shi a Oktoba. EFCC ta kai shi kotu, a Nuwamban 2022 kuma babbar kotun Abuja ta sallame shi, ta ce masu ƙara ba su kawo hujjar da za ta sa ya kare kansa ba. A gaban doka ke nan ba shi da laifi. Abin lura ga kowane ma'aikaci shi ne wani ɓangare babba na taƙaddamar ya rataya ne a kan tazarar da ke tsakanin ranar da mutum ya ce ya sauka da ranar da rajista ta nuna. Wasiƙar murabus da ke cikin durowar kamfani ba ta isa ba. Sai an shigar da canjin a CAC, an je banki an cire sa hannu, an kuma rubuta rabon da ya rage a fom ɗin bayyana kadarori, wanda ake cikawa lokacin kama aiki, da bayan kowace shekara huɗu, da lokacin barin kujera.

Masu sana'ar hannu da ta ilimi matsalarsu ta ɗan bambanta, domin abin da suke sayarwa a waje shi ne ainihin abin da gwamnati ta ɗauke su su yi. Likita shi ne misalin da kowa ya sani. Tun 1984 gwamnatin soja ta yi dokar hana ma'aikatan gwamnati masu irin waɗannan sana'o'i aikin ƙashin kai, a 1992 aka tsame malaman koyar da shari'a, kuma har yau lauyoyi na jayayya kan ko wannan tsamewa ta tsira bayan zuwan kundin 1999, tunda kundi ya fi kowace doka. Ƙa'idojin hukumar likitoci sun buɗe wata 'yar ƙofa ga manyan likitoci su duba marasa lafiya a wajen lokacin aiki. A 2017 kuma ministan lafiya na lokacin, Isaac Adewole, ya fito ya ce doka ba ta yarda wa ma'aikacin gwamnati komai ba sai noma, likitoci ma suna ciki. Duk da haka, ka zaga kowane babban gari da yamma ka ga su wa ke duba mutane a asibitocin kuɗi.

A nan ma ba aikin yamman ne ke cutarwa ba. Likitan da ya gama aikinsa ya je wani wuri ya duba mutum goma, ya ƙara wa gari lafiya ne. Cutar tana farawa ranar da ya ce wa majinyaci a asibitin gwamnati, "Baba, layin tiyata a nan sai bayan wata uku, amma in za ka iya, ka same ni wuri kaza jibi." Daga wannan rana tsawon layin asibitin gwamnati ya zama ribarsa, kuma shi ne mutumin da aka ɗora wa rage layin. Haka malamin da ke taƙaita darasi a aji don yara su biyo shi lesin na kuɗi, da jami'in tsara gari da ke zana taswirar gini da dare, da safe kuma ta zo teburinsa neman amincewa.

A kamfanoni masu zaman kansu da ƙungiyoyin agaji labarin ya fi sauƙin faɗa. Jadawali na biyar bai shafe su ba. Abin da ke mulki shi ne takardar ɗaukar aiki da littafin dokokin ma'aikata, tare da wata ƙa'ida da kotuna ke ɗauka tana nan ko ba a rubuta ba, cewa ma'aikaci ba zai ci amanar wanda ya ɗauke shi ba. Mai rubuta manhaja a kamfani da ke karɓar aikin wasu da dare, in takardarsa ba ta hana ba, ba shi da matsala muddin ba da kwamfutar kamfani yake yi ba, ba a lokacin kamfani ba, ba kuma abokan cinikin kamfani yake zawarci ba. Ya kuma karanta sashen da ke maganar wa ke da abin da ya ƙirƙira, domin wasu takardun sukan ce duk abin da ya shafi harkar kamfani na kamfani ne. Sharaɗin hana mutum aiki da abokan gasa bayan ya bar wuri, dokar gasa da kare masu saye ta 2018 ta taƙaita shi ga shekara biyu, kuma Kotun Ƙwadago ta Ƙasa na duba ko ya wuce hankali. Ƙungiyoyin agaji da ke aiki a Maiduguri da Damaturu da yawansu fom suke bayarwa a cika: kana da kamfani, ɗan uwanka na cikin masu kawo mana kaya, kana ba mu hayar mota ko gida? Galibi ba mallakar ake kora a kanta ba, ɓoyewar ce.

Wannan tsari na bayyanawa da neman izini, a ganina, ya fi hanin baki ɗaya da gwamnati ta ɗora wa nata ma'aikatan. Masu kare hanin suna da hujja, kuma ba ta banza ba ce. Sun ce hani mai faɗi ya fi sauƙin ganewa, kuma a ƙasar da shugaban sashe zai iya sayar da izini ko ya ba na kusa da shi kaɗai, buɗe ƙofar izini buɗe wata kasuwa ce. Sun kuma ce ma'aikacin da hankalinsa ke shago, ko yana zaune a ofis rabinsa ne ke nan. Gaskiya ne.

Amma hani irin wannan yana tafiya da sharaɗi. A tarihin Musulunci an ruwaito cewa bayan an yi wa Sayyidina Abubakar mubaya'a, an gan shi ya ɗauki tufafi zai tafi kasuwa kamar yadda ya saba. Umar da Abu Ubaida suka tare shi, ya tambaye su da me zai ciyar da iyalinsa, sai aka yanka masa abin da zai ishe shi daga baitulmali. An ɗauke shi daga kasuwa, an kuma ɗauke masa dalilin zuwa kasuwar. Mu kuwa rabin farko muka riƙe. Mafi ƙarancin albashi ya tsaya a naira dubu talatin daga 2019 har zuwa Yulin 2024 da aka mayar da shi dubu saba'in, alhali an cire tallafin mai tun Mayun 2023, hauhawar farashi kuma ta haura kashi talatin cikin ɗari a 2024. Magidanci mai 'ya'ya biyar a ƙaramin mataki, in ka ce masa noma kaɗai aka yarda, a birnin da ba shi da ko taƙi ɗaya na fili, ka umarce shi ne da abin da ba zai yiwu ba. Wanda ke da kuɗin sayen gona da gina ɗakunan kaji shi ne babba, don haka togaciyar da aka yi ta fi amfanar wanda ya fi ƙarfi.

Sakamakon shi ne dokar da kusan kowa ke karyawa, kuma wannan na da illa biyu. Ta zama sanda a hannun shugaba: ya kau da kai shekara da shekaru, ran da ƙaramin ma'aikaci ya yi masa gardama kan wani fayil sai a tuna yana da shago. Illa ta biyu ta fi muni. Tunda bayyana sana'a daidai yake da amsa laifi, ba wanda zai bayyana. Mai shagon cajin waya ya yi shiru, mai kamfanin da ke sayar wa ma'aikatarsa kaya ma ya yi shiru, shugaban da ke son ya raba fayiloli yadda ba wanda zai zauna kan cinikinsa ba shi da bayanin da zai yi aiki da shi. Shari'o'in Kotun Ɗa'ar Ma'aikata da suka yi amo, irin ta tsohon shugaban majalisar dattawa Bukola Saraki da ta tsohon alƙalin alƙalan ƙasa Walter Onnoghen, a kan bayyana kadarori aka yi su, ba a kan sana'ar gefe ba.

Da za a gyara, sai a yi rajista a kowace ma'aikata inda ma'aikaci zai rubuta sana'arsa da ta iyalinsa na kusa kowace shekara, a ba da izini ga abin da bai taɓa aikinsa ko lokacin aikinsa ba, a kuma tsananta hani ba sassauci ga masu sayen kaya, masu karɓar haraji, masu ba da lasisi da masu duba ingancin aiki a fannin da suke kula da shi, noma ma yana ciki. Cikas ɗin shi ne hanin yana cikin kundin tsarin mulki ne, ba a takardar umarnin shugaban ma'aikata ba. Gwamna ko minista ba zai iya ɗage shi da sanarwa ba. Sai kashi biyu cikin uku na majalisar dattawa da na wakilai sun amince, sannan majalisun jihohi 24 cikin 36 su mara baya. Kafin a kai nan, izinin da wani darakta ya ba ma'aikaci a rubuce zai iya kare shi daga takardar tuhuma a ofis, amma ba zai kare shi a gaban Kotun Ɗa'ar Ma'aikata ba.